Yadda ake gano tsayin bene daga ƙasa da firotakta da tef, ba tare da ka hau ba

Wannan lissafin na tanjan da ake ba yara a aji, wanda ake cewa mutum ya tsaya mita kaza daga gini ya ɗaga kai ya hango ƙololuwa a kusurwa kaza, a nemo tsayin ginin, to a takarda layi biyu ne ka gama. Amma in ka fita waje za ka yi shi da hannunka a kan gini na gaske, nan ne za ka ga cewa lissafin shi ne mafi sauƙi a aikin, wahalar duk tana wajen awo, wato daga ina ka fara auna nisa, ina ka tsaya, me zaren da za mu rataya a firotakta ya nuna maka, kuma kalkuletarka a wane hali take. Shi ya sa zan ɗauki gini ɗaya mu bi shi tun daga haɗa kayan aiki har amsa. Ginin da za mu yi misali da shi irin benayen nan ne na haya da ɗalibai ke kamawa a Samaru ta Zariya, ƙasa da hawa uku a sama, wato jeri huɗu na tagogi in ka ƙirga daga ƙasa, rufinsa dakin ne na kankare da ɗan bango da aka ɗaga a bakinsa.

Bari mu fara da abin da tanjan ɗin yake nufi, don in wannan ya zauna maka ba sai ka yi hadda ba. In ka tsaya ka kalli saman gini, akwai layuka uku da ba a gani. Ɗaya ya tashi daga idonka ya miƙe a kwance har ya taɓa bango, daidai tsayin idonka. Na biyu ya tashi daga inda wancan ya taɓa bango ya hau sama har bakin rufi. Na ukun shi ne layin kallonka, daga ido zuwa bakin rufin. Su ukun nan sun yi alwatika, kuma tunda bango a tsaye yake cak, inda na kwance ya haɗu da na tsaye digiri 90 ne. Kusurwar da muke nema ita ce wadda ke wajen idonka, tsakanin layin kwance da layin kallo. To tanjan ɗin kusurwa ba komai ba ne illa amsar wannan tambayar: duk mita ɗaya da layin kallona ya yi gaba, nawa yake hawa sama? Tanjan ɗin digiri 32 shi ne 0.6249, ma'ana duk mita ɗaya gaba, layin ya hau santimita 62 da rabi kusan. In ya yi mita 2 ya hau ninki biyu na haka, in ya yi mita 20 ya hau ninki ashirin. Ka ga ke nan dalilin da ya sa ake ninka nisa da tanjan, ba wani sihiri ba ne.

```
tsayi = nisa × tan(kusurwa) + tsayin ido
```

Wancan guntun na ƙarshe, tsayin ido, shi ne yara suka fi mantawa, kuma za mu zo kansa.

Kayan aiki ba sa buƙatar kuɗi sosai. Firotakta ta cikin masat ta isa, ko da yake in ka samu babba irin ta allo ko ta masu zanen gini ta fi, saboda layukan digirinta sun fi tazara, ido ya fi rabe su. Sai bututun biro wanda aka zare tawadar aka cire murfin baya, ta cikinsa za ka leƙa. Sai zare mai ɗan ƙarfi amma siriri, kamar taƙi biyu, zaren ɗinki da aka ninka ya yi. Sai noti guda mai ɗan nauyi, kowane bakanike zai ba ka kyauta, ko ƙaramin kwaɗo na akwati. Sai salatif, da tef na awo. Tef ɗin magina na ƙarfe yawanci mita 5 ne ko mita 7 da rabi, zai yi amma sai ka yi ta ɗagawa kana sa alama, in akwai mai dogon tef na mita 30 a unguwarku ka aro shi, ya fi kwanciyar hankali. Sannan ka nemi mutum na biyu. Wannan ba zaɓi ba ne a wajena, don mai leƙe ba ya iya karanta zare, in ya sauke hannu zai duba to zaren ya riga ya motsa.

Haɗawa kuma ga yadda take. Ka duba firotaktar, a tsakiyar layin da ya tashi daga 0 zuwa 180 akwai wani ɗan gicciye ko ɗigo, nan ne cibiyarta. Ka ɗora allura a wuta ka huda daidai wurin, ba bakin roba ba, don a yawancin na masat cibiyar tana ɗan sama da bakin da 'yan milimita, in ka rataya zare a baki duk karatunka zai karkace. Ka zura zaren ka ɗaure, ka ɗaura notin a ɗaya bakin, ya zama zaren ya wuce gefen lambobin yana lilo ba ya gogar komai. Sai ka manna bututun biron a miƙaƙƙen gefen firotaktar da salatif, ka tabbatar ya yi layi ɗaya da layin 0 zuwa 180 ɗin nan, bai ɗaga baki ɗaya ba. Yadda ake riƙewa, bututu a sama, cikin firotaktar mai zagaye yana kallon ƙasa, zare na rataye.

Kafin ka fita, gwada ta a gida tukuna, mutane da yawa suna tsallake wannan. Ka tsaya jikin bango a tsakar gida mai siminti wanda ya daidaita, wani ya sa maka alama da alli daidai tsayin idonka, ka auna daga ƙasa zuwa alamar ka rubuta, shi ne tsayin idonka, a misalinmu mita 1.6. Lura, ido na ce ba tsakar kai ba, kuma da takalmin da za ka fita da shi. Sai ka ja baya kamar taku goma ka leƙa alamar ta bututu. Tunda kallon a kwance yake, zare ya kamata ya zauna a kan 90. In ya zauna a 90 alhamdulillahi. In ya zauna a 91 ko 89 to bututun ya ɗan karkace, ko ka gyara mannin ko ka rubuta lambar ka riƙe ta a matsayin mafarinka, duk abin da ka karanta a waje da ita za ka gwama, ba da 90 ba.

Yanzu wajen gini. Abu na farko ka yi sallama da maigadi ko mai gida ka gaya musu abin da kake yi, don mutum ya ga baƙo yana leƙen gidansa ta bututu yana rubutu a takarda ba zai ji daɗi ba, kuma yana da gaskiya. Bariki, banki, ofishin 'yan sanda, waɗannan kam kar ma ka fara. Ka zaɓi gefen da rana take bayanka, kar ka kuskura ka leƙa wajen rana ta bututu, ido ba abin wasa ba ne. In lokacin hunturu ne, Disamba zuwa Janairu, iskar Zariya ba ta barin zare ya tsaya, ka fita lokacin da ta lafa ko ka ƙara noti na biyu, abokin aikinka kuma ya tsaya ta gefen da take busowa ya tare maka.

Sai ka zaɓi wurin da za ka leƙa a saman ginin, wuri guda takamaimai, kamar kusurwar bangon sama ko bakin rufi daidai saman wata taga. Daga nan ka sauke ido ƙasa ka gano wurin da yake ƙarƙashinsa daidai, wato in da za a saki dutse daga can sama ina zai faɗo. Daga wannan wurin ne tef zai fara. Wannan maganar ita ce ta fi kowacce muhimmanci a awon nisa kuma ita ce littafi ba ya nunawa, saboda a zanen littafi gini sanda ce guda a tsaye. A gininmu mai dakin abin da sauƙi, bakin sama yana kan bangon gaba, to gindin bangon shi ne mafari. Amma ka ɗauki gini mai rufin kwano mai tudu a tsakiya, tsinin rufin ba a kan bangon gaba yake ba, yana can ciki, wataƙila mita 4 daga bango. In ka leƙa tsinin ka samu digiri 32, sannan ka auna mita 20 zuwa bango kawai, lissafi zai ba ka 12.5, alhali nisan gaskiya mita 24 ne kuma amsar gaskiya 24 sau 0.6249, wato mita 15. Ka yi asarar mita biyu da rabi ba tare da ka kuskure ko lamba ɗaya a kalkuleta ba. Maganinsa ka zagaya ta gefen da tsinin yake kan bango, gefen da rufin ya yi siffar alwatika, ko kuma ka auna faɗin ginin ta gefe ka ƙara rabinsa a kan nisan in tsinin a tsakiya yake. Haka in baranda ko bakin kwano ya fito waje ya wuce bango, to mafarinka yana ƙarƙashin bakin da ya fito ne, ba jikin bango ba.

Ina za ka tsaya? Nan ma akwai magana. Mutum zai ɗauka gara ya matsa kusa don tef ɗinsa gajere ne, ko ya ja can nesa don ya ga ginin da kyau, duka biyun suna cutarwa. Firotaktar masat da hannun ɗan'adam, kuskuren digiri ɗaya abu ne da ba makawa, abin tambaya shi ne digiri ɗayan nan nawa zai ci maka. A gininmu, in ka tsaya mita 3 daga bango kusurwar za ta faɗa tsakanin 76 da 77, kuma 76 zai ba ka mita 12.0 yayin da 77 zai ba ka 13.0, mita guda cur a kan digiri ɗaya, ga shi wuyanka ya sage kana kallon sama hannu na rawa. In ka ja har mita 100 kusurwar ta koma wajen 7, kuma tsakanin 7 da 8 bambancin ya kai mita 1.8, ya ma fi muni. Amma a mita 20, inda kusurwa take wajen 32, digiri ɗaya rabin mita kawai yake ci. Mafi dacewa shi ne kusa da 45, wato nisanka ya yi kusan daidai da tsayin ginin, amma duk abin da ya faɗa tsakanin 30 da 60 ya yi. Ni na fi son ƙasa da 45 kaɗan, don riƙon ya fi daɗi kuma in tef ya ɗan kuskure ɓarnar ba ta da yawa. A saukake, ka kimanta tsayin ginin da ido, ka ja baya kamar haka ko ninki ɗaya da rabi.

To mun ja tef daga gindin bango mita 20, a miƙe, ba a karkace ta gefe ba, kuma a ɗame, kar ya yi ciki ko ya hau kan tarin yashi ya sauko. Mun sa dutse a wurin. In tef ɗinka gajere ne ka miƙa igiya daga bango zuwa dutsen ka riƙa bin ta, don kar layin ya yi ta lanƙwasa. Auna nisa da taku kuma, gaskiya ban ba da shawara ba sai in ba yadda za a yi, don kuskuren mita ɗaya a nan yana shigar da santimita 62 cikin amsa, kuma ɓatar da mita ɗaya a taku ashirin da 'yan kai ba wuya. Ka tsaya yadda idonka zai zama saman dutsen, ba yatsun ƙafa ba ko diddige can baya, ka miƙe kamar yadda ka tsaya lokacin da aka auna tsayin idonka, in ka duƙa ko ka yi ɗage to 1.6 ɗin nan ta tashi aiki.

Ka leƙa ta bututu har wurin da ka zaɓa ya zo tsakiyar rami, ka ɗan riƙe numfashi, ka jira zare ya daina lilo. Abokinka ya tsaya a gefe, idonsa daidai da firotaktar, yana kallonta kai tsaye ba ta sama ko ta karkace ba, ya karanta inda zaren ya ratsa. Ku yi sau uku, kowane karo ka sauke hannu gaba ɗaya ka sake ɗagawa. A ce an samu 58, 59, 57, to tsakiyarsu 58. In kuka ga 58, 63, 55, kar ku haɗa ku raba, akwai abin da ya lalace, ko zare na gogar roba don ka kwantar da firotaktar gefe, ko iska, ko kowane karo wani wuri daban kake leƙawa.

Yanzu a kula sosai, 58 ɗin nan ba ita ce kusurwarmu ba. Ka tuna da kake kallon kwance zare yana kan 90 ne ba 0 ba, to abin da muke so shi ne nawa zaren ya gusa daga 90. Ya tashi daga 90 ya koma 58, ya gusa 32, kusurwar ke nan, digiri 32. Firotakta tana da jeri biyu na lambobi, in abokinka ya karanta ɗaya jerin zai ce maka 122, ba matsala, 122 a cire 90 ma 32 ne. In kuma a gwajin gida mafarinka 91 ne a jerin da kake bi, a waje ka samu 59, to 91 a cire 59, 32 ɗin dai. Wanda ya manta ya danna tanjan ɗin 58 kai tsaye zai samu 1.6003, sau 20 ya ba shi mita 32, wai benen haya mai hawa uku ya kai gini mai hawa goma. Alamar gane wannan kuskuren mai sauƙi ce, in nisanka ya fi tsayin ginin a ido to dole kusurwa ta zama ƙasa da 45, in ka ga lambar da ta haura haka ka san ba ka cire ba.

Sai kalkuleta. Kafin ka danna komai, danna `tan 45` ka gani. In ta ba ka 1 tana kan digiri, ci gaba. In ta ba ka 1.6198 to tana kan radiyan, wato wani ma'aunin kusurwa daban da digiri, sai ka maida ta. A irin Casio `fx-991ES` da yawancin ɗalibai ke riƙewa, `SHIFT` sai `MODE` sai `3`, za ka ga ƙaramin `D` a saman gilashi. A waya kuma ka buɗe kalkuletar kimiyya, a wasu wayoyin sai ka kwantar da wayar take fitowa, ka nemi maɓallin `Deg` da `Rad`. Dalilin da ya sa na matsa a kan wannan gwajin, wani lokaci kuskuren radiyan ba ya ihu. A kan 32 ɗin nan tamu, in tana radiyan za ta ba ka 0.661 maimakon 0.6249, lamba ce mai kama da gaskiya, za ka samu 13.2 maimakon 12.5 ka tafi da ita hankali kwance ba abin da zai tsaya maka a rai. Wanda ba shi da kalkuleta ya buɗe fo figa tebur, shafin tanjan na kusurwoyi, layin 32, amma ya duba kan shafin da kyau kar ya faɗa shafin logaridim na tanjan.

```
20 × tan 32° = 20 × 0.6249 = 12.5
12.5 + 1.6 = 14.1
```

Wannan 12.5 ɗin tsayi ne daga daidai idonka zuwa sama, domin alwatikar daga ido ta fara ba daga ƙasa ba. Guntun bangon da ke ƙasa da idonka, daga ƙasa zuwa mita 1.6, bai shiga ciki ba sam, shi ya sa muke ƙara shi da hannu. Ginin ke nan mita 14.1. A jarrabawar WAEC ko NECO ka karanta tambaya da kyau, in an ce daga wani wuri a ƙasa aka ɗauki kusurwar to ba a ƙara komai, in kuma an ba da tsayin mutumin ko na idonsa to ba don ado aka ba da shi ba.

Kar ka naɗe tef tukuna. Awo ɗaya ba ya gaya maka ko ka yi daidai, sai ka matsa ka sake daga wani nisan. Mu matso mita 15 daga bango, zare ya nuna 50, kusurwa 40 ke nan, tanjan ɗinta 0.8391, sau 15 ya ba da 12.6, a ƙara 1.6 ya zama 14.2. Ɗaya 14.1 ɗaya 14.2, sun yarda da juna, aikin ya yi kyau. Da a ce na biyun ya ba da 15.5 to akwai magana, kuma irin saɓanin ma yana nuna inda matsalar take. In awon kusa kullum ya fi na nesa ƙanƙanta, yawanci wurin da kake leƙawa yana can cikin ginin ne ba kan bangon da ka fara tef ba, irin matsalar tsinin rufi da muka faɗa. In kuma ƙasa ce ba ta daidaita ba shi ma zai kawo saɓani. Sannan ka gwada da hankalin magini, bulo ɗaya na siminti da kwaɓin da ke tsakaninsa da na sama kusan santimita 25 ne, jeri huɗu mita ɗaya, kuma hawa ɗaya a irin waɗannan gidajen yakan kama mita 3 zuwa 3 da 'yan kai in ka haɗa da kaurin dakin. Hawa huɗu, wato ƙasa da ukun sama, sau 3.2 ya ba da 12.8, a ƙara ɗan bangon sama da tudun fandisho, ka ga 14 ba ta yi nisa da hankali ba. Wajen faɗin amsa kuma ka ce kimanin mita 14, kar ka rubuto 14.098 don kalkuleta ta nuna, kayan aikin da digiri ɗaya ke motsa amsarsa da rabin mita ba shi da hurumin ba da milimita.

Duk wannan mun yi shi ne a kan cewa inda ka tsaya da gindin ginin tsayinsu ɗaya. In titi ya fi gidan tudu, ko fili ya gangara wajen kwata, ƙara 1.6 ba zai yi ba, don idonka ba mita 1.6 yake sama da gindin bangon ba. Abin yi sai ka leƙa sau biyu daga wuri ɗaya, sama zuwa bakin rufi, sannan ƙasa zuwa gindin bango. A ce wani gini ne ka tsaya a ɗan tudu mita 20 daga shi, sama ta ba da 32, da ka sunkuyar da bututu zuwa gindi zare ya gusa digiri 6 ta ɗaya ɓangaren na 90. Tanjan ɗin 6 shi ne 0.1051, sau 20 ya ba da 2.1, sai ka haɗa 12.5 da 2.1 ka samu 14.6, kuma a nan ba a ƙara tsayin ido, kusurwar ƙasan ta riga ta ɗauke shi. In kai ne a kwari har sai ka ɗaga kai kafin ka ga gindin ginin, to cirewa za ka yi ba haɗawa ba. Sai dai tef ɗin a riƙe shi a kwance, kar a kwantar da shi ya bi gangaren.

Saura matsala ɗaya da za ka yi ta cin karo da ita a cikin gari, katanga. Ginin yana cikin gida an kulle get, ba halin kai tef gindinsa. Nan ma akwai hanya, kusurwa biyu za ka ɗauka a kan layi ɗaya da ya miƙe zuwa ginin. Ka tsaya nesa ka ɗauki kusurwa, mu kira ta A, ka taka gaba kai tsaye wajen ginin ka auna abin da ka taka, mu kira shi d, ka sake ɗaukar kusurwa zuwa wuri ɗayan dai, ita ce B, h kuma shi ne tsayi daga daidai idonka zuwa sama.

```
h = d × tan A × tan B ÷ (tan B − tan A)
```

A gininmu na farko, a ce A ta zo 28, ka matsa mita 8, B ta zo 39. Tanjan ɗin 28 shi ne 0.5317, na 39 kuma 0.8098. Ka ninka 8 da 0.5317 da 0.8098 ka samu 3.445, ka cire 0.5317 daga 0.8098 ya rage 0.2781, ka raba na farko da na biyu ka samu 12.4, ka ƙara tsayin ido ya zama mita 14.0. Ta zo kusa da wancan, kuma wani daɗinta ba ruwanta da ko tsinin rufi yana ciki ko yana baki, tunda ba ka auna zuwa bango ba ma. Amma tana da saurin fushi, saboda ana rabawa ne da bambancin lambobi biyu, in bambancin ƙarami ne ɗan kuskure sai ya kumbura. Da abokinka ya karanta B a 38 maimakon 39, amsar za ta tashi daga 12.4 ta koma 13.3, kusan mita guda. Don haka kar ka matsa mita 2 ko 3 ka ce ka yi, ka ba da tazara sosai yadda kusurwoyin biyu za su bambanta da aƙalla digiri 10, ka maimaita kowane leƙe sau uku ko fiye, kuma in layin da za ka bi ya ratsa titi, ka sa wani ya tsaya yana duba maka 'yan acaba da masu keke yayin da idonka ke cikin bututu.